La'adar da ke bin linki: dillancin intanet a ƙauyukan arewacin Kano

A kasuwar hatsi ta Dawanau, ko a turken dabbobi na kasuwar Dambatta, ba a ɓoye dillali. Mai kaya ya san shi, mai saye ya san shi, kuma kowa ya san cewa idan aka yi sallama akwai la'adar da za a cire masa. Saboda haka idan ya yaba sa, ko ya ce wannan buhun wake babu ƙwari a ciki, mai saye yana sauraronsa ne da sanin cewa mai maganar yana da rabo a cinikin. Yakan rage wani abu daga yabon, ya sa hannu ya duba da kansa. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da sanin wannan sana'a: Imam Bukhari ya ware babi a kan ladan dillali, inda ya ambaci cewa irin su Ibn Sirin da Hasanul Basari ba su ga laifinsa ba.

Abin da matasa suke kira afiliyet maketin wannan dillancin ne, sai dai an cire masa abubuwa biyu. Na farko, dillalin ba ya wurin lokacin da ake ciniki, don haka ba idon jama'a ne shaidarsa ba, na'ura ce take rubuta cewa shi ya kawo mai saye. Na biyu, mai sayen ba ya ganinsa a matsayin dillali. Yana ganinsa ne a matsayin ɗan wansa, ko ɗalibinsa, ko yaron nan mai ilimin noma da ya turo saƙo a zauren WhatsApp na ƙungiyar manoma. Daga na farkon ake samun matsalar bin sawun dannawa, daga na biyun kuma ake samun wajibcin bayyana gaskiya. A karkarar arewacin Kano, inda gona ke manne da gona tun daga Dawakin Tofa har Bichi, Makoɗa da Dambatta, kuma kowa ɗan'uwan wani ne, duka biyun sun fi tsanani fiye da yadda suke a birni.

Tsarin ba sabo ba ne a duniya. Kamfanin Amazon ya buɗe nasa a 1996, shi ne kuma ya yaɗa shi. A Najeriya manyan shagunan intanet irin su Jumia da Konga, waɗanda duk aka kafa a 2012, sun buɗe wa mutane ƙofar yin rajista su riƙa tallata kaya ana ba su kamasho. Akwai kuma dandali irin Selar, inda abin da ake sayarwa yawanci littafin waya ne ko darussa. Kamashon kayan da ake ɗauka a hannu ƙanƙane ne, sau da yawa bai kai kashi goma cikin ɗari ba, kuma waya da manyan na'urori su suka fi ƙarancin kaso domin ribar mai shagon kansa a kansu kaɗan ce. Darasi da littafin waya kuwa kasonsu kan kai kashi talatin har hamsin, saboda kwafa su ba ya cin kuɗi. Kowane kamfani yana da jadawalinsa, yana kuma canza shi duk lokacin da ya ga dama, don haka abin dogaro shi ne jadawalin da ke shafinsa a ranar da aka yi ciniki, ba wanda wani ya faɗa a bidiyo bara ba.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman nawa ne, na sa su ne don lissafi ya fito fili. Wani matashi ne a wani ƙauye kusa da Dambatta, ya yi karatu a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, mutane suna tambayarsa shawara a kan feshi. Ya yi rajista da wani shagon intanet da ke sayar da injin feshi na goyo mai batir, mai cin lita 16, a kan naira 40,000. Kason da aka yanka masa kashi biyar cikin ɗari ne, wato naira 2,000 a kan kowane inji. Shagon ya ba shi lamba, ya kuma ba shi linki mai ɗauke da ita:

```
https://example.com/feshi16?ref=A217
```

Duk sana'ar tana rataye ne a kan wannan guntun da ya biyo bayan alamar tambaya. Idan manomi ya danna linkin, shagon zai karanta `ref=A217`, sai ya ajiye wata 'yar shaida a cikin burauzar wayar, wadda ake kira kuki, mai ɗauke da lambar matashin da lokacin da aka danna. Idan daga baya aka yi oda daga wannan burauza, shagon zai ga shaidar ya rubuta masa kamasho. Shaidar tana da wa'adi. A Amazon awa 24 ce, sai dai idan mai saye ya jefa kayan cikin kwandonsa a cikin wannan lokaci, to ana ɗaga masa har kwana 90. Wasu kamfanonin suna ba da kwana 7, wasu 30. Kuma yawancinsu suna bin ƙa'idar dannawar ƙarshe: idan manomin ya danna linkin matashinmu ranar Litinin, ya kuma danna na wani ranar Laraba sannan ya saya, na Laraba ne zai ci, ko da kuwa na Litinin ne ya ɓata dare yana bayani.

Wanda ya san yadda ake sayayya a ƙauye zai hango inda igiyar za ta tsinke. An gina tsarin ne a kan mutum ɗaya mai waya ɗaya, wanda ya gani, ya so, ya biya da kati a zama ɗaya. Manominmu kuwa zai danna, ya kalli hoto, ya ajiye wayar. Zai yi shawara da ƙaninsa. Zai jira ranar kasuwa ya sayar da tiya kaza na wake ko ɗan akuya. Kafin kuɗi su zo hannu wa'adin kwana 7 ya wuce. Ko kuma, abin da ya fi yawa, ya kira ɗansa da ke Kano ya ce, "Ka duba mini injin nan da yaron Malam ya turo, ka sayo." Ɗan zai buɗe manhajar shagon a tasa wayar ya rubuta sunan injin ya yi oda, kuma wayarsa ba ta da shaidar kowa. Ko ya wuce kasuwar Sabon Gari ya sayi irinsa a hannu, ya ba direban motar garinsu. A duk waɗannan hanyoyi shawarar matashin ce ta jawo cinikin, amma a allon lissafinsa babu ko kwabo. Ba zaluntarsa aka yi ba. Na'urar ba ta gani ba ne.

Akwai kuma tsinkewar da wayar kanta ke jawowa. Linkin da aka danna a cikin Facebook ko TikTok yakan buɗe ne a wata 'yar burauza ta cikin manhajar, wadda ajiyarta daban take da ta Chrome. Idan mutum ya rufe, ya dawo gobe ta Chrome, tamkar baƙo ne. Masu wayar iPhone kuma burauzarsu ta Safari tun 2017 take taƙaita irin wannan bin sawu, har ta kai tana goge wasu shaidun bayan kwana 7. A ƙauye wannan bai kai matsalar ƙaramar waya mai cikakken ciki ba, wadda mai caji ko yaron gida ke share mata komai duk bayan kwana biyu don ta daina nauyi.

To ta yaya matashin zai san inda ƙoƙarinsa ke tafiya? Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne su baza linki ɗaya ko'ina. Idan aka yi oda ba su san daga ina ta zo ba. Abin yi shi ne kowace ƙofa a ba ta nata linkin. Yawancin kamfanoni suna ba da damar ƙara wata ƙaramar alama a bayan lambar mutum. A Amazon ana buɗe lambobin bin sawu daban-daban a ƙarƙashin asusu ɗaya, a wasu wuraren kuma ana ƙara guntu irin wannan, ko da yake sunansa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani:

```
https://example.com/feshi16?ref=A217&sub=zaure
https://example.com/feshi16?ref=A217&sub=fb
https://example.com/feshi16?ref=A217&sub=tiktok
```

A nan akwai ruɗanin da ya kamata a warware. Masu koyarwa da yawa suna cewa a ƙara `utm_source` da `utm_campaign` a jikin linki. Waɗannan alamomi na gaske ne, amma mai shafin da aka sauka a kansa shi yake ganinsu a nasa lissafin. Idan shafin na shagon ne, shagon ne zai gani, ba dillali ba. Suna amfanar matashinmu ne kawai idan yana da nasa shafin da yake fara kai mutane. Idan kamfanin bai ba da ƙaramar alama ba, mafita ita ce ya gajarta linkin sau uku a wurin masu gajarta linki irin Bitly, kowanne gajere ya tafi ƙofa ɗaya, domin su suna ƙirga masa dannawa. Amma ya fara karanta sharuɗɗan kamfanin, don wasu sun hana a rufe linkinsu ta yadda ba a gane inda zai kai mutum, wasu kuma sun taƙaita wuraren da ake sa shi.

Mu ce ya yi haka a farkon damina, lokacin da ake neman feshin ciyawa, wata ya cika ya zauna lissafi. An danna sau 600 gaba ɗaya: 300 daga TikTok, 210 daga Facebook, 90 daga zauren manoma na WhatsApp. An yi oda 12. Idan ya tsaya a nan zai ce ya samu naira 24,000, har ya fara cin bashi a kansu. Amma kamasho ba ya tabbata da oda, sai kaya sun isa hannu, an biya, kuma kwanakin da aka ba mai saye ya mayar sun wuce. Kafin nan allon yana nuna shi ne a matsayin mai jiran tabbaci. Cikin oda 12 ɗin, huɗu ba a karɓa ba: biyu sun zaɓi biya idan kaya sun iso, aka kira su suna gona babu sabis, biyu kuma sun gano cewa sai sun shiga Kano su karɓa, suka lissafa kuɗin mota suka fasa. Ɗaya ya karɓa ya mayar saboda batirin ba ya riƙe caji. Saura bakwai, wato naira 14,000. Idan ya cire naira 5,000 na data da cajin waya, ya tashi da 9,000, kuma ba lallai su shigo asusunsa a wannan watan ba, domin kamfanoni suna da ranar biya, wasu kuma sai kuɗin sun kai wani adadi.

Abin da ya fi wannan jimla amfani shi ne rabe-rabenta. Cikin bakwai ɗin, shida daga zauren manoma suka fito, ɗaya daga Facebook, TikTok bai kawo ko ɗaya ba. Idan aka raba kamasho da yawan dannawa, kowace dannawa a zauren ta kawo kusan naira 133, ta Facebook ƙasa da naira 10, ta TikTok kuwa babu komai, alhali bidiyon TikTok ɗin ne ya cinye yawancin datarsa. Masu kallo a can yara ne da 'yan birni da suka danna don su ga farashi. Mutum casa'in ɗin da ke zauren su ne masu gonar, kuma sun saya ne domin sun san shi sun san mahaifinsa.

Alƙaluman suna kuma nuna inda ciwo yake, idan an iya karanta su. Idan gajeren linki ya nuna dannawa 200 amma allon kamfani ya nuna 20, to lambar tana faɗuwa a hanya, ko dai wani ya kwafi rabin linkin, ko shafin yana juyawa zuwa manhaja yana zubar da guntun ƙarshe. Ɗan bambanci kaɗan ba abin damuwa ba ne, domin manhajojin saƙo sukan leƙa linki da kansu don su nuna hotonsa, wasu masu ƙirga kuma su ɗauke shi dannawa, kuma mutum ɗaya kan danna sau uku idan sabis yana wahala. Idan dannawa ta daidaita amma babu oda, a duba farashi da kuɗin kawowa, ko kayan sun ƙare a shagon. Idan oda tana zuwa tana rushewa, matsalar isarwa ce ko ingancin kayan. Gwaji mafi sauƙi tun kafin a tura wa kowa shi ne a ari wayar wani a danna, a duba ko lambar tana nan a adireshin bayan shafin ya gama buɗewa, sannan a ga ko dannawar ta bayyana a allo zuwa washegari. Kada dai ya sayi kaya ta linkinsa, kada kuma ya riƙa karɓar wayoyin mutane yana dannawa don shaida ta zauna. Kamfanoni da yawa sun hana, kuma sukan rufe asusu har da kuɗin da ke ciki.

A ganina, ga mutumin ƙauye, lambar rangwame ta fi linki aminci a duk inda kamfani ke ba da ita. Kalma ce gajera da mai saye zai rubuta wurin biya, a rage masa wani abu, a rubuta wa dillali kamasho. Tana tafiya a baki, tana tsallaka daga wayar uba zuwa ta ɗa, kuma ba ta damu da kuki ba. Haka kuma babu abin da ya hana matashin ya daidaita kai tsaye da wani mai shagon kayan noma a Kano a kan wannan tsari, duk wanda ya zo ya ambaci lambar a rubuta a littafi, a yi lissafi ƙarshen wata. A nan amanar mai shagon ce ta maye gurbin na'ura, don haka a rubuta yarjejeniyar da shaidu.

Lissafin nan ya riga ya nuna cewa jarin matashin yardar mutanen zauren ce, kuma a nan batun bayyanawa ya shigo. Dattijon da ya karanta saƙonsa yana ɗauka shawara ce ta ɗa ga uba. Idan daga baya ya ji cewa akwai naira 2,000 a ciki, musamman idan shi ne wanda batirinsa ya mutu, ba zai ce yaron ya yi dillanci ba, cewa zai yi ya cuce shi, kuma maganar za ta kai majalisa kafin magariba. Da an faɗa masa tun farko da ba zai ga komai a ciki ba, don ya saba biyan la'ada tun kafin a haifi yaron.

Doka ma tana gefen bayyanawa. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana yaudarar mai saye a talla. Dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ARCON a madadin APCON ta sa tallan intanet a ƙarƙashinta, hukumar kuma ta sanar cewa masu tallata kaya a kafafen sada zumunta su ma ana buƙatar su kai talla a tantance kafin su fitar. A Amurka hukumar FTC ta sabunta ƙa'idojinta a 2023, tana neman a bayyana duk wata alaƙa ta kuɗi a fili, inda ba za a kasa gani ba, kuma Amazon yana wajabta wa duk mai tallata kayansa ya rubuta cewa yana samun kuɗi daga sayayyar. Babu jami'in da zai bi matashin Dambatta cikin zauren WhatsApp, gaskiya ce, amma kamfanin da ya yi rajista da shi na iya rufe shi a kan wannan.

Yadda ake faɗin ya fi muhimmanci a kan cewa an faɗa. A faɗa da Hausa, a gaba, kafin linki, ba a can ƙasa bayan dogon rubutu ba, ba kuma da wata alamar Turanci da manomi bai san ma'anarta ba. Misali: "Baba da sauran iyayena, wannan injin idan kuka saya ta wannan linki kamfanin zai ba ni la'adar naira dubu biyu, ba a kan kuɗinku za a ɗora ba. Na yi aiki da shi damina ɗaya a gonarmu. Batirinsa yana kai ni wuni idan ya cika, amma yana son caji mai kyau, kuma sai an je Kano a karɓo." Kowace jimla a nan sai ta kasance gaskiya kafin a faɗe ta. Idan bai taɓa riƙe injin ba, ya ce bai taɓa ba, a hoto ya gani. Idan kyauta aka ba shi don ya gwada, wannan ma alaƙa ce da za a ambata. Idan kuma bai tabbatar cewa farashin ɗaya ne da linki da babu linki ba, ya buɗe shafin ta hanyoyin biyu ya gani kafin ya yi alkawari.

Abubuwa biyu na wannan yanki sun ƙara wa ƙa'idar sharaɗi. Da yawa daga cikin dattawan zauren ba sa karanta boko, saƙon murya suke saurare, don haka bayanin la'ada ya kasance a cikin muryar, a farkonta, haka ma a cikin bidiyo ya fito daga baki. Sannan saƙo yana yawo: wani zai tura linkin zuwa zauren Kunchi ko na Kazaure ya bar bayanin a baya. Maganin shi ne bayanin da linkin su zauna a cikin saƙo guda, ta yadda duk inda aka tura ɗaya ɗayan zai bi shi. Haka nan lambobin wayar mutanen zauren ba nasa ba ne da zai miƙa wa kamfani don a kira su, ko da an yi masa alkawarin kuɗi a kan kowace lamba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana neman yardar mai lambar.

Jarrabawa ta gaske tana zuwa ne ranar da aka sami inji biyu, ɗaya mai kamashon 2,000 mai ƙarko, ɗaya mai 3,500 wanda bututunsa ke yoyo. Allon lissafi da kansa yana hukunta zaɓi na biyu, domin kayan da aka mayar kamashonsu gogewa yake yi, amma wa'adin mayarwa gajere ne, inji kuwa yakan nuna halinsa ne a tsakiyar damina bayan an riga an biya dillali. Kuma da maganin feshi ne ake tallatawa ba injin ba, da nauyin ya ninka: sai a duba lambar rajistar NAFDAC a jikinsa, domin wake ne da mutane za su ci.

Akwai wani abu da ke aron sunan wannan sana'a, wanda ya kamata a iya bambance shi da ita. Ana cewa ka biya kuɗin rajista, ka kawo mutum uku su ma su biya, a ba ka kaso daga kuɗinsu. Wasu dandalin na gaske ma suna karɓar kuɗin shiga, don haka ba wannan kaɗai ne ma'auni ba. Tambayar ita ce: me ake sayarwa, kuma wa yake saye? Idan akwai manomin da ya biya ya tafi da inji ba tare da niyyar ya zama dillali ba, dillanci ne. Idan duk masu sayen darasin suna saye ne don su sayar wa wasu darasin yadda ake sayar da shi, to kuɗin na baya ake ba na gaba, kamar yadda aka gani a MMM da ya daskarar da asusun mutane a Disamba 2016, da CBEX da ya rushe a Afrilu 2025.

Matashin da ya zaɓi na gaskiyar yana buƙatar littafi na takarda banda allon kamfani. A ciki zai rubuta ranar da ya tura kowane linki da inda ya tura, sunan kaya da farashinsa da kason ranar, da duk wanda ya gaya masa cewa ya saya, tare da lambar odarsa idan ya yarda ya bayar. Idan ƙarshen wata ya zo aka ga mutum uku sun ce sun saya amma allo ya nuna biyu, lambar oda da ranar dannawa su ne abin da sashen dillalai na kamfanin zai nema kafin ya duba ko zai mayar masa da na ukun.